Katangar gidana ta faɗo wa mai wucewa: alhakin yana wuyana?

Tambaya: Katangar gidana da ke bakin hanya ta rushe da daddare ana ruwa da iska, ta danne wani bawan Allah mai wucewa, ƙafarsa ta karye. Akwai babbar bishiya a jikin katangar ta ciki. Wata biyar da suka wuce maƙwabcina ya ce mini katangar ta fara karkata, na kira magini ya shafe tsagar da siminti. Yanzu danginsa na neman kuɗin magani da na aikin da ya rasa. Ni a ganina iska ce ta yi ɓarna, ba ni ba. Doka za ta kama ni?

Amsa: Malam, Allah ya ba majinyacin lafiya, kai kuma ya sassauta maka. Zan gaya maka abin da nake gani ba tare da kwana-kwana ba: bisa yadda ka ba da labarin, nauyin ya fi karkata gare ka. Abin da ya karkatar da shi kuwa ba iskar daren ba ce, maganar maƙwabcinka ce ta wata biyar baya, da abin da ka yi bayan ka ji ta.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma lauyan da zai riƙe maganarka dole ya duba dokar inda gidan yake. Sai dai a wannan mas'ala akwai abin da ya daɗe yana ba ni mamaki: manyan tsare-tsaren shari'a da suka tashi a wurare masu nisa da juna, kusan tambayoyi ɗaya suke yi wa mai gida. Ka san katangar na da matsala, ko kuwa da ka duba da ka sani? Ka sami lokacin gyarawa? Me ka yi a cikin lokacin?

Bari in fara da fiƙihu, domin malamai sun ware wa wannan magana babi tun ƙarnoni da suka shuɗe, suna kiransa babin karkataccen bango. A Muhtasar na Shehu Halil, a mazhabar Malikiyya, an tara sharuɗɗa uku a jimla guda: bango ya karkata, an gargaɗi mai shi, kuma akwai damar da zai iya magance abin bai yi ba. In ukun nan suka haɗu, ya lamunci ɓarnar da bangon ya yi. Majalla, kundin dokokin mu'amala da Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta tsara kan mazhabar Hanafiyya tsakanin 1869 da 1876, ta kawo hukuncin a sashe na 928, har ta ƙara bayani kan wanda ke da ikon yin gargaɗin. In bangon ya karkata zuwa gidan maƙwabci, sai mazauna gidan ne gargaɗinsu ke aiki. In kuwa zuwa hanyar jama'a ya karkata, kowa ma yana da haƙƙin ya yi gargaɗi, tunda kowa na bin hanyar. To ka ga maƙwabcinka ba sai ya zama hukuma ko masanin gini ba. Maganarsa ta isa ta fara ƙirga maka kwanaki, kuma wata biyar lokaci ne da ya ishi mutum ya sauke katanga ya sake ɗora wata. Malamai suna son a kafa shaidu a kan gargaɗin, amma amfanin shaidun shi ne idan mai bango ya musa. Kai da bakinka ka tabbatar an gaya maka, kuma kiran magini da ka yi shi kansa shaida ne cewa maganar ta iso ka.

Akwai saɓani a tsakanin mazhabobi, gaskiya ne. Ra'ayin da ya fi ƙarfi a wajen Shafi'iyya shi ne, in an gina bango a miƙe daga baya ya karkata da kansa, babu lamuni a kan mai shi. Amma in tun farko a karkace aka gina shi zuwa hanya, malamai sun ɗora wa mai shi lamuni ko ba a gargaɗe shi ba, domin shi ya ƙirƙiri haɗarin da hannunsa.

Dokar Ingila, wadda ƙasashe da dama suka gada, ta ma fi wannan tsauri a kan ginin da ke bakin hanya. A wata shari'a ta 1940, bangon wani gida ya rushe ana iska ya faɗa kan shagon maƙwabci, kuma an tabbatar rashin gyara ne ya raunana shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce in gini a bakin hanya ya zama haɗari saboda rashin gyara, ya cutar da mai wucewa ko maƙwabci, wanda gyaran ke wuyansa zai biya, ko ya sani ko bai sani ba. Ta bar ƙofofi biyu kawai: in wani ne ya yi kutse ya lalata ginin, ko kuwa wani ɓoyayyen abu ne na halitta da ido ba ya iya gani, kamar zaizayar ƙasa a can ƙarƙashin harsashi. Masana sun soki wannan hukunci da cewa ya yi tsanani, kuma kotuna da yawa a yau sun fi son tambayar nan ta ko ya kamata ya sani. Amma kai ko da sassauƙan ma'aunin aka auna ka, sanin ya riga ya tabbata. A Faransa kuwa, tun kundin 1804 doka ta ce mai gini ne ke da alhakin ɓarnar da rushewarsa ta jawo in rashin kulawa ne ko aibin gini ya haddasa ta. Da sashe na 1386 ne, tun 2016 ya koma na 1244. A Jamus, sashe na 836 na kundin dokokinsu ya juya nauyin hujja: mai riƙe da filin ne zai nuna ya yi kulawar da ta dace, ba wanda aka ji wa rauni ne zai nuna sakaci ba.

Dalilin wannan tsanani ba ɓoyayye ba ne. Mai wucewa ba shi da hanyar duba katangarka. Bai san shekarunta ba, bai ga bayanta ba, bai san ruwa na kwanciya a gindinta ba. Kai kaɗai ke da wannan damar. Kuma mutane na raina nauyin katanga. Katangar jan bulo mai tsayin mita 2 da kaurin santimita 22, kowace mita ɗaya ta tsawonta tana kai wa kimanin kilo 800. In mita uku suka kwanto lokaci guda, fiye da tan biyu ne ya sauka kan hanya. Mutumin da ya fita daga wannan da karayar ƙafa kaɗai, Allah ya yi masa gyaɗar dogo.

Yanzu ga maganar iska, wadda na san a kanta ka kafa zuciyarka. Doka ta yarda da abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, amma ta ƙuntata shi ƙwarai. Ana nufin irin guguwa ko ambaliyar da mai hankali ba zai yi tsammani ba balle ya yi mata tanadi. Ruwa da iskar da ake samu duk shekara ba sa cikin wannan, domin ai don su ake yi wa katanga harsashi da ginshiƙai. Tambayar da alƙali zai yi mai sauƙi ce, kai ma za ka iya yi wa kanka ita gobe da safe: a wannan dare, katangu nawa suka faɗi a layinku? In an wayi gari rufin gidaje a ƙasa, sandunan lantarki a kwance, katangu masu lafiya sun zube a ko'ina, to kana da abin faɗa, kuma bayanan hukumar kula da yanayi kan ƙarfin iskar daren za su taimake ka. In kuwa taka ce kaɗai ta faɗi sauran na tsaye, to iskar ta ture abin da ya riga ya gaji ne. Ko da an yarda iskar ta yi ƙarfi, in aka gano lafiyayyar katanga da ta jure, raunin katangar ne za a ɗauka a matsayin sanadi.

Sai batun magini, inda na fi jin tausayinka, domin ka motsa, ba zama ka yi ba. Matsalar ita ce gyaran bai dace da cutar ba. Maƙwabcinka cewa ya yi katanga ta karkata. Karkata ciwo ne na gindi: ko harsashi ya motsa, ko ƙasa ta jiƙe ta saki, ko wani abu na tura ta daga baya. Tsaga alama ce kawai ta cewa jikin katangar na bin wannan motsi. Wanda ya shafe tsaga da siminti ya rufe alamar ne, ya bar sanadin yana aikinsa, har ma ya hana ka ganin yadda tsagar ke ƙara buɗewa. Abin da ake tsammani daga mai gida da aka ce masa katangarsa ta karkata shi ne ya sa a auna ta. A rataya igiya mai nauyi daga samanta a ga tazarar da ke tsakanin igiyar da gindi, a rubuta, a sake aunawa bayan mako biyu ko uku. In tazarar na ƙaruwa, katangar tafiya take yi, kuma babu shafen da zai tsayar da ita. Daga nan sai a tokare ta, a kange hanyar da ke gabanta, a rage tsayinta ko a sauke ta gaba ɗaya.

Za ka ce ai kai ba magini ba ne, ka dogara ga mai sana'a. Wannan hujja tana da ɗan nauyi a wasu wuraren, musamman in ƙwararre ka ɗauko, ka gaya masa ainihin ƙorafin, shi kuma ya duba ya ce maka babu haɗari. Amma a kan abin da ke bakin hanya, dokar Ingila ta daɗe da cewa wannan nauyi ba a sauke shi a kan ɗan kwangila. A 1876 wata ƙatuwar fitila da ke rataye a gaban wani gida a Landan ta faɗo wa mai wucewa. Mai gidan ya nuna cewa ba da daɗewa ba ya ɗauko mai gyara ya duba ta. Kotu ta ce wajibinsa shi ne fitilar ta kasance ba ta da haɗari, ba wai ya kira mai gyara kawai ba, don haka ya biya. Abin da ya rage wa mai gida a irin wannan hali shi ne ya koma kan maginin ya nemi ya ɗauki wani kaso. Wannan kuma ya rataya ne a kan abin da kuka yi magana a kai. In cewa ka yi ya zo ya shafe tsaga, ya yi abin da aka sa shi. In cewa ka yi ya duba maka ko katangar za ta faɗi ya ce ba za ta faɗi ba, to akwai magana a kansa. Ka zauna ka tuna kalmomin da kuka yi, ka nemi duk wani saƙon waya ko rasit da ya rage.

Bishiyar da ke jikin katangar tana da wuri biyu a wannan magana. Na farko, mai yiwuwa ita ce sanadin karkatar. Manyan saiwoyi da ke kusa da kututture suna kauri shekara bayan shekara suna ɗaga harsashi marar zurfi, kuma idan iska ta kaɗa bishiya, motsin na bin saiwoyin har gindin katanga. A ƙasa mai yumɓu, bishiya na tsotse ruwa ƙasar ta tsuke, ruwa ya sauka ta kumbura, katanga na hawa da sauka a kai. Wannan ba zai wanke ka ba, tunda bishiyar taka ce kuma a fili take. Da ta maƙwabci ce ko ta hukuma, da sai a yi maganar raba alhaki.

Na biyu, da reshen bishiyar ne ya faɗo maimakon katangar, da amsata ta ɗan sauya, domin doka ta fi sassauta wa mai bishiya. Katanga aikin hannu ce, bishiya kuwa halitta ce mai rai da kan ɓoye cutarta. A 1926 a Ingila, reshen wata bishiya da ya miƙo kan hanya a tsayin ƙafa 30 ya karye ana cikin yanayi mai kyau ya faɗa kan mota. An gano ruɓewa ce ta ciki da dubawa ta hankali ba za ta nuna ba, sai kotu ta sallami mai filin. Haka kuma a farkon shekarun 1950 kotun ƙoli ta ƙasar ta wanke masu wani fili a Landan da tsohuwar bishiyarsu ta faɗa kan mota, saboda cutar a saiwa take, daga waje kuma bishiyar na da kyan gani. Ma'aunin da aka ɗora shi ne na mai fili mai hankali da lura, ba na masanin itatuwa ba. Amma sassaucin nan na ƙarewa ne daga lokacin da alama ta fito fili: rassa busassu alhali sauran bishiyar na da ganye, kogo a kututture, naman kaza ko makamancinsa ya tsiro a gindi, gara ta ci ciki, tsaga a inda manyan rassa biyu suka rabu, ko ƙasa ta ɗago a gefen da bishiyar ta juya wa baya. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan a bishiyar da ke kan hanyar mutane, wajibinsa ne ya kira wanda ya sani.

Ba ka ce haya ka bayar ba, don haka zan taƙaita nan. A fiƙihun Hanafiyya gargaɗi yana aiki ne in an yi shi ga wanda ke da ikon rushe bangon, wato mai shi, ba ɗan haya ba. A Ingila ma an taɓa kama mai gida da alhakin katangar da ta faɗo wa wani yaro a hanya, duk da 'yan haya ne a ciki, saboda ikon shiga ya yi gyara na hannunsa.

To me za ka biya in an tabbatar? A tsarin kotunan zamani ana duba kuɗin asibiti da aka kashe da wanda za a kashe nan gaba, kamar cire ƙarfen da aka sa a ƙafar da kuma gashin ƙashi. Ana duba abin da ya saba samu a wata a ninka da watannin da ya yi a kwance. Ana kuma yanka wani abu na azabar da ya sha da nakasar da ta rage, in ta rage. A ce mutumin ya yi wata huɗu bai yi aiki ba, likita kuma ya ce zai koma aikinsa amma da ɗingishi: za a haɗa kuɗin magani, samun wata huɗu, da diyyar ɗingishin. Daga wannan jimla ne ake rage wani kaso in shi ma ya yi sakaci. Misali, da ka kange wurin ka sa alama ya tsallake ya raɓe a gindin katangar, alƙali na iya cewa kashi 25 ko 30 cikin ɗari na laifin nasa ne, a rage daidai wannan. Amma bin hanyar jama'a da dare ana ruwa ba sakaci ba ne, ko da ya matso jikin katanga don ya fake. Kada ka ɗora fatanka a nan. A inda ake hukunci da fiƙihu kuwa, lissafin raunin jiki na bin ƙa'idojin diyya ne, kuma ana jiran rauni ya warke kafin a ƙiyasta shi.

Wannan jiran yana da amfani ko sulhu za ku yi, kuma ni sulhu nake ba ka shawara, ganin yadda hujjojin suke. Kada a rufe magana yau alhali ba a san ko ƙashin zai haɗe daidai ba. Ka ɗauki nauyin maganin yanzu, ka riƙa karɓar rasit, a rubuta cewa duk abin da ka bayar za a cire shi daga abin da aka daidaita a ƙarshe. Idan likita ya faɗi matsayin ƙafar, sai a zauna a yanke sauran, a rubuta cewa wannan ya rufe dukkan da'awa, shi majinyacin da kansa ya sa hannu gaban shaidu, ba danginsa kaɗai ba, domin haƙƙin nasa ne. Mutane da yawa na gudun zuwa asibiti wai kada a ce sun amsa laifi. Ni ban taɓa ganin inda wannan gudun ya amfani kowa ba, sai dai ya mayar da mai neman kuɗin magani mai neman kotu. A Ingila har doka aka yi a 2006 cewa ba da haƙuri ko tayin magani shi kaɗai ba amsa laifi ba ne. Abu ɗaya da za ka kiyaye: in gidan na da inshorar da ta haɗa da raunin da aka yi wa wani, ka sanar da kamfanin nan take kafin ka sa hannu a kowace takarda ko ka yi alkawarin wani adadi, domin yawancin yarjejeniyoyin inshora sun hana amsa alhaki ba da izininsu ba, kuma jinkirin sanarwa kan zama dalilin ƙin biya.

Kafin a kwashe ɓaraguzan, a ɗauki hotuna: inda katangar ta karye, zurfin harsashin, saiwoyin da suka bayyana, da wurin da aka yi shafen. In da hali, injiniyan gini ya gani ya rubuta abin da ya gano. Wannan na iya fitowa a kanka, na sani. Amma ta nan ne kaɗai za a gane in akwai wani sanadi da ba naka ba, kamar ramin da wasu suka haƙa a gindin katangar ta waje don binne bututu, ko motar da ta taɓa dukan ta, ko magudanar hanya da ta toshe ta riƙa zuba ruwa a harsashinka. In aka sami irin wannan, wani zai raba nauyin da kai.

Sauran katangar da ke tsaye kuma, daga daren da wancan ɓangare ya faɗi ka zama wanda aka yi wa gargaɗi mafi ƙarfi da ake iya yi. Ka kange gabanta yau, a sauke duk inda ya motsa. Idan aka zo sabon gini, magina za su so su sare saiwoyin da suka tare musu harsashi. Kada ka bari a yi haka sai wanda ya san itatuwa ya gani, domin bishiyar da aka datse wa manyan saiwoyi ta gefe ɗaya ta rasa abin da ke riƙe ta, kuma hanyar da katangar ta faɗa tana nan a ƙarƙashinta. Ko dai a tsallake saiwoyin da dogon ƙarfe da kankare a ɗora katangar a kai, ko a matsar da layin ginin, ko kuwa a sare bishiyar gaba ɗaya kafin a fara haƙa.